Ƙafar Ukasha Mai Mazarƙwaila

Duk wanda ya saba sayen mazarƙwaila a kasuwar Makarfi ya san ta Ukasha, ko da bai san Ukashan ba. Mutumin wani ƙauye ne a gundumar Taba, dogo, mara yawan dariya. Yana ɗan shekara goma sha biyu mahaifinsa ya tsayar da shi bakin kasko, ga shi shekara arba'in ke nan bai matsa ba. Har yau doki ne ke juya masa abin matsar rake, yadda ya gada. Idan ruwan raken ya tafasa ya fara kauri, sai ya tsoma tsinke, ya hura, ya ɗora a harshe. Da harshen nan yake sanin lokacin sauke kasko, kuma bai taɓa yarda wani ya ɗanɗana masa ba.

Yana da ƙane guda, Bilya, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara takwas da suka wuce Bilya ya sayar da dokinsa ya sayo inji, ya koma yana matse a yini ɗaya abin da Ukasha ke kwana uku a kansa. Tun wajen lokacin nan Ukasha ya gano cewa Bilya na yi masa hassada. Mutanen gari dai ba su taɓa ganin mai inji yana hassadar mai doki ba, amma wa zai faɗa masa? Idan Bilya ya zo gaishe shi da safe, ya zo duba ko ya kwana da rai ne. Idan bai zo ba, to, ai ka gani. Idan ya aiko da nama, sai Ukasha ya jujjuya shi, ya sunsuna, ya ce wa matarsa Mairo ta bai wa maƙwabta.

Bara Ukasha ya fara ramewa. Ruwa ba ya isar sa, fitsari ba ya barin sa ya gama kasko ɗaya a tsaye, kiyashi kuma suka riƙa taruwa a inda ya tsuguna. Bilya ne ya lallaɓe shi ya ɗora shi a mashin zuwa Makarfi aka gwada jininsa. Aka ce ciwon suga ne, ya hau sosai, aka ba shi magani. Ukasha ya karɓa ya yi godiya. A hanyar dawowa yana bayan mashin yana kallon ƙeyar Bilya yana ta saƙe-saƙe: wa ya kawo shi? Wa ya riga shi shiga wurin mai gwajin, har suka yi dariya? Kafin su iso gida ya gama warkar da kansa. Ƙishirwa zafin wuta ne, rama kuwa aiki ne, maganin ya tura shi ƙarƙashin katifa.

Ba ƙarya yake yi ba, abin tausayin ke nan. Da za a ba shi Alƙur'ani ya rantse lafiyarsa ƙalau, da zai rantse da zuciya ɗaya.

Da aka shiga yankan rake bana, wata rana Mairo ta ɗauki takalminsa za ta kakkaɓe, ta ga jini ya bushe a ciki. Kututturen rake ne ya huda shi a ƙasan babban yatsa, bai ma ji ba. Ta ce ya je a duba. Ukasha ya ɗaga ƙafar ya matsa wurin da yatsa, ko gezau.

"Kin taɓa ganin ciwon Allah da babu zafi?" in ji shi. "Wannan ajiya aka yi mini a hanya na taka. Kuma hanyar gonata ta bayan gidan wa ta bi?"

Ya ɗaure ƙafar da tsumma ya koma bakin kasko. Sati biyu, wurin ya buɗe ya fara ruwa.

'Yarsa Juwairiyya tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya a Makarfi. Ta zo gida ranar Juma'a, ta kwance tsumman, hankalinta ya tashi. Ta ce suga ne ya kashe jijiyoyin ƙafar, shi ya sa ba ya jin zafi. Da a nan ta tsaya da sauƙi. Amma satin nan aka koya musu dabarun da zuciya ke kare kanta da su, karatun yana nan ɗanye a bakinta.

"Baba, wallahi abin da kake yi a littafinmu yake. Idan gaskiya ta yi wa mutum nauyi, zuciyarsa sai ta ce babu ita, shi bai ma san ta yi ba. Denial ake ce masa. Maganar Baba Bilya kuma projection ce. Abin da ke ran mutum ne, wanda ba zai iya yarda nasa ne ba, sai ya ɗauka ya ɗora wa wani."

Ukasha ya daɗe yana kallon ta. "Wato ni ne mai hassadar."

"Ba haka nake nufi ba, Baba."

"Wa ya ɗauko ki daga bakin titi yau?"

Ta sunkuyar da kai. Bilya ne ya ɗauko ta. Ukasha ya gyaɗa kai, ya ji wani irin baƙin ciki, har da 'yar cikinsa an saye. Ya fita yana ɗingishi, ya tarar da dokin yana tsaye bai yi laifin komai ba, ya zabga masa bulala uku. Juwairiyya ta san sunan wannan ma a littafi, amma wannan karon ta kama bakinta.

Ranar Litinin sai ga wata mata a bakin kaskonsa. Ta ce sunanta Bernice, mutuniyar kudancin Kaduna, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da Juwairiyya ke koyon aiki, ta kuma yi karatun kula da masu damuwar ƙwaƙwalwa. Ukasha ya auna ta sama da ƙasa, yana jiran ta ce mazarƙwaila ta zo saya don ya kama ta da ƙarya.

"Juwairiyya ce ta gaya mini, Baba," in ji ta. "Na kuma yi mata faɗa. Abin da aka koya mata don ta fahimci mutum ne, ba don ta jefe shi da shi ba. Wanda ya jingina da bango don kada ya faɗi, in ka ja bangon ƙara riƙe shi zai yi."

"Ni ban jingina da komai ba."

"To. Ni dai ba zan yi musu da kai kan wanda ya sa ciwon ba. Abin da na sani, ƙafar nan tana son likita a Zariya, yau ba gobe ba. In ka ƙi, ka bar ni in wanke."

Ya ƙi Zariya, ya miƙa ƙafar. Yana kallon hannunta da duk abin da ta ciro daga jaka, har ya sa ta karanta masa rubutun jikin kwalba.

Sau uku ta zo a kwana goma, kullum sai ta maimaita maganar Zariya, kullum sai ya ce rake bai ƙare ba. Amma tambayoyinta ba irin na masu neman kama mutum ba ne. A zuwa na biyu ta tambaye shi wa ya koya masa ɗanɗano. Ya ce mahaifinsa. Ta ce me ya yi ajalinsa? Ukasha ya gyara itacen wuta, ya sake gyarawa.

"Ƙafa ce," ya ce. "An kai shi Zariya da biyu, aka dawo mana da shi da ɗaya. Ni na goya shi daga mota. Wata huɗu ya yi yana kallon kasko daga tabarma."

"Me suka ce yana damun sa?"

"Ban tuna ba."

Bernice ba ta tuna masa ba. Ta naɗe bandeji, ta ce abu ne mai ban tsoro ga wanda ya gani da idonsa. Ukasha ya ce shi ba ya tsoron komai.

A zuwa na uku yatsan ya yi baƙi. Tana wankewa ta ce, "Baba, yaushe ka fara lura Bilya na nufin ka da sharri? Ranar farko."

Ya buɗe baki zai ce tun suna yara, sai ranar ta faɗo masa. Shekarar injin ce. Gobara ta kama raken Bilya da rana tsaka, gari ya fita da bokitai, shi ma ya ruga da nasa. Yana tsaye yana watsa ruwa, yana kallon wutar na cin gonar ƙaninsa, sai ya ji wani sanyi mai daɗi ya ratsa zuciyarsa. Bai kai ƙiftawar ido ba. Washegari da Bilya ya zo yi masa godiya, a ranar ya fara ganin mugunta a idon Bilya.

"Ban tuna ba," ya sake cewa.

"To shi ke nan. Amma ka ji wannan da kyau: baƙin nan hawa yake yi. Yau yatsa ne. Ban san me zai zama nan da sati ba."

Kwana biyar ya ƙara. Ba ya magana, ba ya zagin kowa, naman da Bilya ya aiko ma bai ce a bayar ba. Wani lokaci ya ce a ransa matar nan turo ta aka yi ta rikita shi, wani lokaci kuma ya kasa yarda da hakan. Rana ta shida zazzaɓi ya rufe shi, warin ƙafar ya hana Mairo cin abinci a ɗakin. Ya ce mata, "Kira mini Bilya. Ki ce ya nemo mota."

A Zariya likita ya duba, ya tambayi tun yaushe, ya girgiza kai. A ƙasan gwiwa aka yanke.

Kwana uku bayan aikin, da hantsi, Bilya na zaune gefen gado yana fifita masa koko. Ukasha ya kalli inda zanen ya kwanta shafe a kan katifa, ya daɗe yana kallo.

"Bilya."

"Na'am, Yaya."

"Ranar da rakenka ya ƙone, daɗi na ji."

Bilya bai daina fifitar ba. "Na sani, Yaya. Ina kusa da kai, na ga fuskarka."

"Shekara takwas ka sani, kana zuwa gaishe ni?"

"To wa zan je in gaisar?" in ji Bilya. Ya sa hannu a bayan wuyan yayansa ya ɗago shi, ya kai masa kofin baki. "Sha. Ba suga a ciki."