Talatu Mai Aske Silayid

Talatu ba ta taɓa zama a ajin jami'a ba, amma shekara goma sha tara tana buga wa ɗalibai kundi a shagonta da ke bakin titin Wudil, har ta san halin farfesoshi fiye da matansu. Da tafireta ta fara, yanzu kwamfuta gare ta, da baki kamar reza.

Ranar Litinin Sakina 'yar Dagumawa ta shigo, ido ya yi ja. Digiri na biyu take yi, a kan yadda shimfiɗa ɓuntun shinkafa ke rage wa tumatir ban ruwa. A gwajin kare kundi an tsayar da ita tun ba ta kai ga sakamako ba. Alhamis mai jarrabawa zai zo daga wata jami'a, in ta sake faɗuwa sai baɗi.

Talatu ta buɗe fayil ɗin. Silayid, wato shafukan da za a haska a allo, arba'in da takwas ne, minti goma sha biyar kuma aka ba Sakina. Huɗu na farko gaisuwa ce zalla, har da kawu.

"'Yar nan, kare kundi za ki yi ko roƙo a gidan biki?"

"Anti, ai ladabi ne."

"Ladabi da baki ake yinsa. Fita ki tsaya bakin ƙofa, ki karanto min wannan."

Sakina ta fita, ta kanne ido. "Ba na gani."

"To haka tsohon da ke kujerar baya zai gani."

Nan aka shiga aski. Kowane silayid magana ɗaya. Kanun sama ya fi komai girma, kuma ya faɗi abin da aka gano, ba "Sakamako" kawai ba. A ƙarƙashinsa layi uku ko huɗu gajeru, majiya kuwa 'yar ƙarama can ƙasa. Zane huɗu da Sakina ta cusa a gindin shafi guda, Talatu ta raba su, kowanne da shafinsa. Ta ɗaga su sama, ta ƙara girman lambobin jikinsu, ta sa bayani a gefe.

"Me ya sa sai sama, Anti?"

"Hulunan sahun gaba. Duk abin da ke gindin allo, hula ce ke cinye shi."

Da aka zo kan dogon sakin layin da Sakina ta yi wata biyu tana gyarawa, sai ta dafe linzamin kwamfuta.

"Wannan kam a bar min."

"Yana cikin kundi. In kin rubuta komai a bango, ke me za ki tsaya yi, gadi?"

Sakina ta goge shi da hannunta. Saura silayid goma sha huɗu. Sau shida ta maimaita jawabin a tsaye, Talatu na riƙe da agogo.

Alhamis bayan azahar ta dawo da gudu, mayafi a hannu. Ta ci, da 'yan gyare-gyare kaɗan. Baƙon mai jarrabawar ya tsaya a zane na uku ya yi ta tambaya, ita kuwa ta yi ta amsawa.

Talatu ba ta ko ɗago ba. "Madalla. Yanzu je ki gaida kawun naki."