Wa Ya Rushe Rumfunan Bakin Tasha?

A ɗakin labarai na gidan rediyon, Almakashi suke kiranta, kuma tana amsawa. Aikinta tace labaran da wakilai suka aiko kafin a karanta wa jama'a. An ba ta kujera tun ranar da ta kama aiki, amma jakarta ce ke zama a kai. Ita a tsaye take, daga taga zuwa ƙofa, tana karanta kowace jimla da ƙarfi. Inda numfashinta ya ƙare, nan take sa aya. Inda ta ga "an yi", sai ta tambayi wanda ya yi.

Har gida halin ya bi ta. Mijinta tela ne, mai haƙuri. Ya daina ce mata "an fasa kofi", ya koma cewa "na fasa", ko da kyanwa ce ta ture.

Shugaban sashe bai kai telan haƙuri ba. Ya riga ya gargaɗe ta: in ta sake riƙe labari har aka fara labaran rana babu shi, zai mayar da ita shirin gaishe-gaishe, inda ba a taɓa rubutun kowa.

Ranar da abin ya faru, wakilin da suke kira Farfesa ya shigo da zufa, ya miƙa mata takarda. Ta ɗauki hanyar taga tana karantawa:

"Biyo bayan wani zama na masu ruwa da tsaki da aka gudanar, wanda a cikinsa aka jaddada buƙatar inganta tsarin zirga-zirga, lamarin da aka daɗe ana tsokaci a kai, an aiwatar da rushe wasu rumfuna da aka ce…"

Numfashi ya ƙare mata kafin ta kai tagar.

"Farfesa, so kake mai karatu ya suma a gaban makirufo? Me ya faru?"

"An rushe rumfunan masu kayan miya a bakin tasha."

"To ga labari, ka binne shi a layi na biyar. Su wane ne masu ruwa da tsakin?"

"Direbobi da 'yan kasuwa."

Ta soke, ta rubuta direbobi da 'yan kasuwa. Ta cire tsokaci, ta cire aiwatarwa, ta yanka jimlar gida uku, ta ɗauko rushewar ta kai sama. Sannan ta tsaya cak.

"Wa ya rushe?"

Farfesa ya sosa ƙeya. "Anti, da na isa an riga an rushe."

"Na ga alama. Wa?"

Shugaban sashe ya leƙo yana nuna agogon bango. "Baiwar Allah, rubuta hukumar tsara gari mana. Wa ke rusau in ba su ba?"

Biron ya sauka kan takarda, har ta ja harafin farko. Jimlar za ta fito tsaf, ga mai yi ga abin da ya yi. Matsalar kawai babu wanda ya gani. Ta ɗaga biron.

"Ranka ya daɗe, ka gan su?"

"To bar shi 'an rushe', mu wuce!"

"Da ba wanda ya sani, sai in bari, in ƙara cewa ba mu gano ba. Amma matan da aka rushe wa suna wajen. Kira ɗaya ne."

Kiran bai zama ɗaya ba. Lambar farko a kashe, ta biyu wani mai faci ya ɗauka ya tafi neman wata mai tumatir cikin matan. Almakashi ta je taga, ta dawo, ta leƙa ɗakin watsa shiri, ta gyara labulen da ba abin da ya same shi. Mai karanta labarai ya wuce da sauran takardu yana kauce wa idonta. Jar fitilar saman ƙofarsa ta kama, alamar an fara labarai.

Sai ga muryar mai tumatir, tana faɗa tun kafin sallama. Ba hukuma ba ce. Mai filin ne ya yi hayar katafila da sassafe, kuma yana nan tsaye. Almakashi ta sa aka miƙa masa wayar. Ya ce eh, shi ne, filinsa ne, a rubuta da kyau.

Ta rubuta da kyau: "Mai filin da ke bakin tasha ya rushe rumfunan masu kayan miya yau da safe. Ya ce filinsa ne. Matan sun ce bai sanar da su ba." Farfesa ya ruga da takardar, labarin ya shiga a ƙarshe, bayan na wasanni.

Shugaban sashe mutum ne mai cika alkawari. Washegari ta tarar da takarda a kan kujerar jakarta: "An mayar da ke shirin gaishe-gaishe." Ta ja layi a ƙarƙashin kalmar farko, ta mayar masa. Ya rubuta "Na", ya sa hannu.

Yanzu tana can ƙarshen baranda, tana kai da kawowa da saƙonnin masu sauraro. Mutum ɗaya zai gai da kakarsa da surukansa da mai wankinsa a jimla guda, ba damar yankewa. Mijinta ya tambaye ta ko da wahala.

"Numfashi dai," ta ce. "Amma kowa na faɗin sunansa."