Fankar da Ba Ta Juyawa

Da aka yi mini canjin aiki zuwa Daura, na kama hayar gida mai kaya a ciki. Ranar karɓar makulli, mai gidan, wani dattijo mai sayar da hatsi, ya riƙe tasa takardar jerin kayan, ya miƙo mini tawa: kujeru uku, gado da katifa, firji, fanka biyu. A gaban kowanne an rubuta "lafiya lau".

Na ce sai na gwada kafin in sa hannu. Babu wuta. Ya ce, "Haba Malam, ni da furfurata zan cuce ka?" Kunya ta kusa kayar da ni, don a garinmu ba a ja da dattijo. Amma na cije. Na ce, "Baba, takarda ba ta san furfura ba. Ranar da zan tashi, ita za a duba."

Muka zauna a dakali muna jiran wuta har la'asar. Da aka kawo, firji ya tashi, fankar ɗaki kuwa ko motsi.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya karɓi birona, ya soke "lafiya lau" a takardata da tasa, ya rubuta "ba ta aiki", muka sa hannu. Ashe shi ma ɗan hayan baya bai faɗa masa ta lalace ba.