Muryar Agnes a Tsohuwar Waya

Ummulhairi mazarƙwaila take sayarwa a kasuwar Ikara. Daga Makarfi take sarowa, ta zauna a rumfarta tana korar ƙudan zuma da mafici. Shekara da shekaru maƙwabciyarta a rumfa Agnes ce, mai manja da citta. Tare suke cin abincin rana, idan Ummulhairi ta tashi salla Agnes ke tsare mata kaya.

Da mijin Agnes, Nehemiya, ya yi ritaya, sai suka koma garinsu can kudancin Kaduna. Ummulhairi ba ta iya rubutu sosai ba, don haka hirarsu ta koma saƙon murya a WhatsApp. Kusan kullum da safe sai Agnes ta turo: "Maman Mu'awiyya, kin tashi lafiya? Yaya kasuwa? Har yanzu mai naman nan yana yi miki hayaƙi?" Sai dariyar nan tata mai ƙarewa da tari.

Bara da damina Agnes ta rasu. Ummulhairi ta je ta'aziyya ta dawo, ba ta goge komai ba. Idan kasuwa ta yi sanyi sai ta buɗe wani tsohon saƙo ta kara wayar a kunne.

Wayar kuwa ta tsufa, gilashi ya tsage, batir ya kumbura. Wata rana ta kai ta shagon Salman mai sayar da waya, aka yi musaya, ta karɓi sabuwa. Ya cire layinta ya sa mata a ciki, ya buɗe mata WhatsApp. Ta ga sunayen mutane sun fito, hankalinta ya kwanta, ta tafi.

Sai bayan kwanaki ta nemi Agnes. Sunan yana nan, amma ciki fayau, ko saƙo ɗaya babu.

Ta bar rumfa ta koma shagon. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Salman, ina maganganuna? Ba layina ka sa ba?"

"Layinki ne, Inna. Amma hira ba a layi take zama ba, a cikin wayar take."

"To ɗauko min tsohuwar."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ya riga ya wanke ta tas kamar yadda ake yi kafin a sayar, wani ma ya saya. Ya ba ta kujera, ya yi mata bayani a hankali. Akwai abin da ake kira bakof, wato wayar ta riƙa ajiye kwafin hira a asusun Google na mai ita. Idan an canza waya, aka sa lamba ɗaya da asusu ɗaya, lokacin buɗe WhatsApp sai ya tambaya ko a dawo da ajiyar.

"Ran nan na shiga da asusunki, bai nuna akwai ajiya ba. Ba a taɓa kunna ta ba ke nan. Da na tambaye ki ko akwai abin da kike so a ciki, da tun wayar tana hannu mun kwashe. Ki yafe ni, Inna."

"Ni ma ban faɗa ba," in ji ta. "Na ɗauka abin yana bin mutum."

Ta ba shi labarin Agnes. Salman ya ce saƙo gida biyu yake da shi, wajen wanda ya tura da wajen wanda ya karɓa. In wayar marigayiyar tana nan ba a goge ba, ana iya samun wani abu.

Da yamma ta kira Nehemiya. Bayan doguwar gaisuwa ya miƙa wa 'yarsu Anita, wadda wayar take hannunta.

"Mama, tana nan, ban taɓa ta ba. Sai dai ita Mamanmu tana yawan goge abubuwa in waya ta cika. Bari in duba."

Washegari saƙonni suka shigo, 'yan kaɗan, na watannin ƙarshe. Ummulhairi ta so a ce akwai wanda Agnes ta yi mata waƙar cocinsu ranar sunan jikarta, amma ba ya ciki. Wanda ya fi tsawo a ciki, Agnes ce a gadon asibiti, murya ƙasa-ƙasa, tana cewa abincinsu ba gishiri, in ta warke za ta zo Ikara ta sha kunun gyaɗa.

Ummulhairi ta koma wurin Salman ta ce ya kunna mata ajiyar. Ya nuna mata inda ake dannawa, ya sa wayar ta riƙa yi da kanta kullum, ya ce ta riƙe kalmar sirrin asusunta kar ta manta, kuma abin yana cin data.

"Ya ci," ta ce.

Ta tsaya tana kallon wayar har ajiyar ta kammala. Daga nan ta ɗaura ta a bakin zane ta koma kasuwa. Matar da ke rumfar gefe yanzu, mai sayar da robobi, ta ce mata wani ya zo neman mazarƙwaila bai same ta ba, ya ce zai dawo bayan la'asar.