Kujera Ɗaya Tak

Mai Kushin, Allah ya jiƙansa, ba mai yawan magana ba ne, don kullum akwai ƙananan ƙusoshi a bakinsa. Sana'arsa gyaran tsofaffin kujeru: ya ɓare yadi, ya sauya soso, ya ja bel ɗin da ke tallafe soson, ya rufe. Matarsa ke ɗinka masa rigunan kujerun a gida. Da mutane suka koma sayen sabo, gyara ya ja baya, sai ya ga shagon na neman mutuwa a hannunsa, ga 'ya'ya mata a makaranta.

Wata safiya ya tsallaka titi wajen Kafinta, mutum mai hannu, amma mai tsinin baki.

"Yau wace rana, bebe ya zo hira?" in ji Kafinta.

Mai Kushin ya zube ƙusoshin a tafinsa. "Mutumina, ina ji ana tambayarka kujerar falo, kana cewa ba ka yi. Ni ana tambayata sabuwa, ba ni da katako. Ka haɗa ƙashi, in sa nama. Ko ta ƙofar wa mai saye ya shigo, namu ne."

"Na san haɗaka. Da dariya ake shiga, da faɗa ake fita."

"Ai ba aure na ce a ɗaura ba. Kujera ɗaya. Katako naka, soso da yadi nawa, mu ajiye ta bakin titi. In ba ta tafi ba, kowa ya kama gabansa."

Don nuna gwaninta, Kafinta ya zaɓo katako mai taurin tsiya, ya sirantar da sandunan ciki, ya goge har suna ƙyalli. Da Mai Kushin ya kai ta shagonsa zai rufe, ƙusa ta ƙi shiga, sai lanƙwashewa. Da aka matsa, sanda ta tsage. Mai Kushin ya jima yana kallonta. In ya mayar, ƙila zancen ya mutu ke nan. Haka ya saɓa kujerar a kafaɗa, ya koma wajen Kafinta.

"Ciki ba na ido ba ne, mutumina. Ba ni mai kauri, mai karɓar ƙusa, inda zan ja bel."

"Yau soso ke koya wa katako tsayuwa," in ji Kafinta. Amma ya sake.

Da aka gama kujerar aka ajiye bakin titi, wata mai asibitin haihuwa ce ta zauna a kanta, ta ƙi tashi, ta ce a cika mata ɗakin jira da irinta. Shago ya farfaɗo. 'Yan matan duk sun gama karatu.

Bara ciwo ya kwantar da Mai Kushin, bai tashi ba. Da ƙafar masu gaisuwa ta ɗauke, Kafinta ya yi sallama ƙofar gidan da ƙashin kujera a kafaɗa.

"Matar yaya, ɗinki dama naki ne, babbar 'yarku kuma ta iya jan bel. Ba na ce..." Ya sauke ƙashin a gabanta.

Ta sa hannu ta shafa cikin katakon, ta ji shi da kauri da kaushi, yadda marigayi yake so.

"Ɗaya?" ta ce.

"Ɗaya."

"Shigo da ita."