Kwana Ɗaya da Kwana Goma

Ni ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen rubutu duk ɗaya suke a idona, sai dai in ce wannan ya yi tsawo, wancan ya lanƙwashe. Amma akwai ranar da rashin karatun nan nawa ya yi wa 'yata amfani, kuma ita zan faɗa, yadda ta faru.

'Yata ta biyu, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, muna zaune tare a ɗaki biyu a Jikwoyi. Aka ɗauke ta gwaji a wata ƙungiyar kiwon lafiya, ta riƙa koya wa mata yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari na leda idan yaro ya kamu da gudawa. Da kwamfuta take zuwa, a haska majigi a bango, shafi bayan shafi, tana bayani. Aka ce wata uku ne gwajin. In matan sun koya, aiki ya zama nata. In ba su koya ba, a nemi wata.

Zuwanta na farko Kuchigoro, wajen matan da rikici ya koro daga gabas, ta dawo ta zauna ko mayafi ba ta cire ba.

Na ce, "Lafiya, 'yar nan?"

Ta ce, "Inna, na gama bayani tsaf. Oga ta tashe su ɗaya ɗaya tana tambaya. Ruwan da aka haɗa kwana ɗaya yake yi a zubar, ƙwayar zinki kuma kwana goma ake ba yaro. Sai suka juya min shi. Wai ruwan ne kwana goma, ƙwayar kwana ɗaya. Oga ta ce saura min zuwa ɗaya."

Ran Lahadi bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta buɗe kwamfutar tana ta ƙara rubutu. A ganinta bayanin ne bai isa ba. Ina gefe ina gyaran wake. Na ce ta juyo min da abin in gani.

Ta yi dariya. "Inna, me za ki gani?"

"Abin da su suka gani. Cikinsu nawa ne suka fi ni karatu?"

Ta juyo shi. To, ga shafi guda, amma gari ne guda. Ga hannu ana wankewa a wannan lungu, ga jug, ga leda, ga ƙwaya, ga uwa da jariri, tsakaninsu kuma rubutu ƙanana kamar kiyashi sun sami sukari. Na ce ta yi min yadda ta yi musu. Ta fara maganar wanke hannu. Kafin ta kai ƙarshe idona ya sauka kan ƙwayar, ina tunanin ko mai ɗaci ce. Ta koma maganar ruwa, ni kuwa ina kallon jaririn. Da ta ce kwana ɗaya, ƙwayar nake kallo. Da ta ce kwana goma, na dawo kan jug.

Na ce, "Tsaya. Bakinki yana gabas, idona yana yamma. Ba su juya miki komai ba, abin da suke kallo a lokacin shi suka ɗaura wa maganar."

Ta juya kwamfutar wajenta, ta ƙura wa shafin ido.

Na ce, "Shekara nawa na yi ina kasa kayan miya a kasuwar Gudu kafin gwiwa ta zaunar da ni? Kin taɓa ganin na zube tumatir da attaruhu da albasa wuri ɗaya? Mai saye in ya ga tsibi a cakuɗe, wucewa yake. Kashi kashi ake yi, kowanne da fili a gefensa, ido ya sauka a kan ɗaya ya huta."

"Inna, shafuka za su yi yawa."

"Sayensu kike yi?"

Sai na ga ta gyara zama. Ta kwafi shafin nan sau da yawa, ta shiga gogewa, kowanne ta bar masa abu ɗaya. Wanke hannu, shafinsa. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, shafinsa. Juye ledar duka, shafinsa. Hoto ɗaya babba, layi ɗaya na rubutu a sama da manyan baƙaƙe. Dogon bayanin ta mayar da shi can ƙasa, wurin da ita kaɗai take gani. Duk wanda ta gama sai ta ɗora kwamfutar a kan turmi, in koma bakin ƙofa, ta ce, "Me wannan yake cewa?" In na faɗa kafin in ja numfashi biyu, ya wuce. In na tsaya ina ƙifta ido, a sake raba shi. Akwai wanda muka raba har sau uku. Shafi huɗun da take da su a da suka zama goma sha huɗu. Maganar ƙwayar ba ta shigo ba sai da aka gama da ruwa ɗungurungum.

Ranar komawa na ce da ni za a je. A wani ajin makaranta aka taru, an rufe tagogi da zannuwa don hasken ya fito. Ogar tata, wata doguwar mata ce daga Filato, ta leƙa kwamfutar ta ɗaga gira.

"Goma sha huɗu? Minti ashirin fa kike da shi, ba wa'azi muka zo ba."

'Yata ta ce, "Maganar ba ta ƙaru ba, Oga. Raba ta kawai na yi."

"To. Ni dai a ƙarshe zan tambaya." Ta juyo gare ni ta rusuna. "Mama, sannu da zuwa. Ki zauna gaba mana."

Na ce a'a, baya nake so. Na zauna a bencin ƙarshe kusa da wata tsohuwa mai zane a fuska. Ta dube ni ta ce, "Ke ma an kawo ki kallon rubutun nan mai kama da kiyashi?"

Aka haska na farko. Hannu biyu da sabulu, ba komai kuma. Na ga kawuna duk sun fuskanci wuri ɗaya, kamar sahu. 'Yata ta yi magana kaɗan, ta danna, jug ya fito shi kaɗai. Da aka zo shafin da wata mata ke tuttular da ruwan a ƙasa, wata daga tsakiya ta ce, "Ashe zubarwa ake yi." Ta kusa da ita ta ce, "Ke da ko ruwan wanki ba kya zubarwa." Aka yi dariya, aka wuce. 'Yata ta gama da sauran lokaci a hannunta.

Oga ta miƙe. Ba ta dubi na gaba ba, baya ta nufo, ta tsaya kan tsohuwar nan ta kusa da ni.

"Kaka, zo ki haɗa mana."

Tsohuwar ta tashi a hankali, ni kuwa ina ta salati a zuci. Ta isa gaban tebur, ta dubi jug, ta dubi leda, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta ce, "Ina sabulu? Ko so kike in faɗi tun a na farko?"

Ta wanke hannu, ta cika jug har zanen lita, ta juye ledar duka, ta motsa.

Oga ta ce, "Kwana nawa zai yi?"

"Ɗaya. Gobe war haka na zubar."

"Ƙwayar fa?"

Tsohuwar ta ware yatsunta goma. "Ko gudawar ta tsaya, sai an cika su. Akwai saura, ko in koma in zauna?"

Aka tashi mata biyar bayanta, ba wadda ta yi tuntuɓe. Wata ta saki guɗa, ajin ya ɗauka.

Oga ta jira aka lafa, sannan ta ce wa 'yata, "Litinin ki zo ofis ki sa hannu a takardarki ta aiki. Ki taho da shafukan nan, sauran ma'aikata su gani. Wa ya koya miki?"

'Yata ta nuna bencin baya da haɓa.

Oga ta ce, "Mama, wace makaranta kika yi?"

Na ce, "Gudu, layin 'yan tumatir."

Da takardar nan ta ranar Litinin jikokina huɗu suke karatu har yau.