Kanta a Yatsu

Jitar ba tawa ba ce, ta majami'armu ce ta garin Dutsi. Malamin da ke koya mana kiɗa, wanda muke kira mushe, ya ara mini ita, ya ce duk wanda bai ci gaba ba zai karɓe ya ba wani. Yara na layi suna jira.

Makon farko tsirkiya ta ci mini kan yatsun hagu, suka yi ja kamar na taɓa garwashi. Inna ta gani ta riƙe baki. Ta rataye jitar a ɗakinta, ta ce sai na warke. Kullum ta jiƙa mini hannu a ruwan ɗumi, ta shafe da man kaɗe. In yatsun sun yi laushi ta miƙo jitar, su sake yin ja, ta sake ratayewa. Abokan karatuna suka wuce, ni ina nan inda nake. Tsoro ya cika ni, amma wa zai ja da Inna?

Sai mushe ya aiko wa iyaye takarda. Yayana ya karanta da Faransanci yana juya mata. Wai ɗan lokaci kullum ya fi yini guda a mako, domin hannu mantuwa gare shi. Wai a tsayar wa yaro lokaci, a yanke farcen hagu, a zauna a saurara, kada a yi dariya in ya kuskure. Sannan ya zo kan yatsu: zafin farko ba ciwo ba ne, kanta ce ke fitowa. In ba fata ta fashe ba, kada a hana yaro jita, kuma kada a jiƙa hannu dab da kiɗa.

Inna ta ɗaga hannunta. Ta buɗe tafinta ta duba, tafin da taɓarya ta mayar kamar ƙirgi.

"Kanta dai wagga tawa?" in ji ta. "Ashe ita nika ta kashewa."

Abin da ya biyo baya har yau mamakinsa nake. Matar da ba ta taɓa ɗaga wa kowa aiki ba ta cire ni daga wanke-wanken la'asar, ta ɗora wa yayana. Ya tsaya baki buɗe, ƙato da gemu, ga tukwane. Ita kuwa ta jawo kujera kullum ta zauna gabana, tana jin ƙarar da ko akuyarmu gudunta take.

Ranar da mushe ya biyo gida-gida, na riga na goge jitar don miƙawa. Ya ce in kaɗa, na kaɗa da kuskure. Ya matsa kan yatsuna ya ji taurinsu. Kafin ya yi magana Inna ta tare ƙofa.

"Mushe, makonnin da ta ɓata nawa ne, ba nata ba. In za ka amshe, hannuna za ka amsa, ba jitar ba."

 Mushe ya sha ruwa ya tafi hannu wofi.